Littafin atisayena: kwana 6 babu kiriyatin

Litinin, 6 ga Janairu 2025

Yau na fara shan kiriyatin, garin nan da masu ɗaga ƙarfe ke sha don ƙara wa tsoka ƙarfi, giram 5 a kofin ruwa bayan atisayen la'asar. Robar ƙarama ce mai giram 150, na saye ta jaka 8 a hannun wani ɗan kasuwa da ke zirga-zirga tsakanin Damagaram da Kano. Za ta kai ni wata ɗaya cif.

Nauyina a sikelin farmasi kilo 71. Turin ƙirji a kan benci da kilo 60, zagaye 3: ɗagawa 8, sai 7, sai 6. Da wannan turin zan riƙa auna kaina, domin shi ne na fi daɗewa ina yi kuma hannuna ya saba da shi. Ranakun atisaye Litinin, Alhamis da Asabar, a gidan ƙarfen unguwarmu, ni da ƙanena.

Hanyar farawa biyu ce. Akwai masu loda jiki da giram 20 kullum na kwana 5 zuwa 7, a raba shi kashi 4 a wuni. Akwai kuma masu bi a hankali da giram 3 zuwa 5, tsoka ta cika cikin kamar mako 4. Duk wuri ɗaya ake isa. Na zaɓi ta biyu saboda robar ƙarama ce, kuma ba gasa ce a gabana ba.

Alhamis, 9 ga Janairu

Garin ba ya narkewa sosai a ruwan randa yanzu da hunturu, yana kwanciya a gindin kofi kamar rairayi. Da na sirka da ɗan ruwan zafi na buta sai ya narke tas. Ina damawa in shanye nan take. Busasshen garin yana daɗewa bai lalace ba, amma in ya kwana a ruwa, musamman wurin zafi ko cikin abin sha mai tsami, a hankali yake rikiɗewa ya zama kiriyatinin, wanda ba shi da amfani ga tsoka.

Asabar, 18 ga Janairu

Turi da kilo 60: 9, 8, 7. Babu ciwon ciki, babu wani sauyi da zan ce na ji a jika.

Litinin, 27 ga Janairu

Kilo 72 da rabi a sikeli. Mafi yawan wannan ƙarin ruwa ne, domin kiriyatin yana shiga tsoka da ruwa a bayansa, kuma ƙarin kilo 1 zuwa 2 a farkon sha abu ne sananne. Turi da kilo 60: 10, 9, 8. Mako mai zuwa zan hau 65.

Na ba ɗan kasuwan jaka 15 ya zo mini da babbar roba mai giram 300. Ya ce ranar Lahadi yana nan tafe in Allah ya yarda.

Talata, 4 ga Fabrairu

Na kankare gindin robar yau, cokalin ƙarshe ke nan. Ɗan kasuwan bai dawo ba, a waya ya ce motar kayansu ta samu matsala a hanya, sai wani makon. Na leƙa wurare biyu cikin gari. Ɗaya babu, ɗayan kuma abin da yake da shi gauraye ne da sukari da wasu abubuwa, tsadarsa ta ninka, kuma ba a rubuta giram nawa na kiriyatin ke cikin kowane cokali ba. Na bar masa abinsa.

Jiya na hau kilo 65: 8, 7, 6.

Ƙanena ya fi ni damuwa. A hanyarmu ta komawa gida ya ce, "Yaya, ai wahalar wata guda ta tashi a banza ke nan. A fada an ce in ka tsallake kwana 3 sai ka faro daga farko." Wannan maganar na sha jin ta a bakin samari, kuma tana sa wasu su sayi duk abin da aka miƙo musu da tsada don tsoron kada ƙarfinsu ya zube. Tunda ilimin halittu nake koyarwa a koleji, bari in rubuta lissafin a nan yadda na yi masa shi a kan tabarma bayan isha'i.

Mutum mai kilo 70 yana ɗauke da kiriyatin kusan giram 120 a jikinsa ko bai taɓa ganin robar nan ba. Kashi 95 cikin 100 na wannan yana cikin tsoka. Aikinsa shi ne ba tsoka ƙarfin gaggawa: lokacin da ka tura ƙarfe mai nauyi, makamashin da ke hannun tsoka yana ƙarewa cikin daƙiƙa kaɗan, sai fosfokiriyatin, wato kiriyatin da ke riƙe da fosfet, ya mayar da shi nan da nan. Wannan ajiyar tana ɗaukar mutum kamar daƙiƙa 10 na aiki mai tsanani, sannan ta sake taruwa lokacin hutu tsakanin zagaye.

Kullum jiki yana zubar da ɗan kaɗan daga ciki, ƙasa da kashi 2 cikin 100, kusan giram 2, wanda ke zama kiriyatinin ya fita ta fitsari. Kullum kuma yana mayar da gurbinsa: ƙoda da hanta suna haɗa kusan giram 1, sauran ya zo daga nama da kifi. Shi ya sa adadin yake zaune wuri ɗaya. Wanda ya sha garin na tsawon wata yana ɗaga ajiyar da kusan kashi 20 cikin 100, a ce daga giram 120 zuwa wajen 145. Abin kamar randa ce mai ɗan tsatsa: ta ɗauki makonni kafin ta cika, kuma in ka daina zubawa ba fashewa take yi ba, a hankali take ja baya.

Yaya saurin jan bayan yake? An auna shi. A 1996 Eric Hultman da abokan aikinsa sun wallafa binciken da suka yi da maza 31, inda suka riƙa ɗibar ɗan yankin tsoka suna aunawa. Waɗanda suka sha giram 20 na kwana 6 ajiyarsu ta ƙaru da kusan kashi 20. Cikinsu waɗanda suka ci gaba da giram 2 kullum sun riƙe ta. Waɗanda suka daina gaba ɗaya kuwa ta riƙa sauka sannu sannu, sai bayan kwana 30 ta koma kusa da inda take tun farko. A binciken nan ne kuma aka ga giram 3 kullum na kwana 28 yana kai mutum inda lodawa ke kai shi.

To ga nawa lissafin, na kusa-kusa ne ba na awon tsokata ba. Rarar giram 25 in za ta zube cikin kwana 30, abin da ke tafiya a rana bai cika giram 1 ba. A ce ma kwanakin farko sun fi sauri, tunda jiki yana rage haɗa nasa muddin ana ba shi daga waje, sai an daina ya koma aikinsa. Ko da haka, mako guda babu sha zai ci giram 5 zuwa 8 ne daga cikin 145. Mafi yawan rarar tana nan. Ƙanena ya yi shiru yana kallon takardar, sannan ya ce, "To bari mu gani a benci, Yaya." Gaskiyarsa, can ne za a gani.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Kwana na biyu babu sha. Kilo 65: 8, 7, 7. Nauyi 72 da rabi, bai motsa ba.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Yau atisaye ya ƙi. Tun daga ɗumama jiki da kilo 40 na ji sandar ta yi nauyi a hannu, abin da na saba turawa ina hira. Da na hau 65 na samu 6 da ƙyar, sai 5, a zagaye na uku na tsaya a 4 sandar na rawa, mai gidan ƙarfe ya taya ni mayar da ita kan maƙala. Na bi ta farmasi na hau sikeli: 71 da rabi. Kilo guda ya tafi cikin kwana 2.

Ƙanena bai ce komai ba a wurin, amma da muka fito ya ce, "Ka gani ko, Yaya?" Mai gidan ƙarfen ma ya ce, "Malam, maganin ne ya fita daga jikinka." In mutum ya kalli lambobin yau su kaɗai, dole ya yarda da su. Wannan ce ranar da ke haifar da maganar da ake yi a fada, don haka ta cancanci a tsaya a kanta.

Ga abin da ya faru kafin yau. Jiya Juma'a aka ɗaura auren ƙanwar matata a Mirya. Tun safe muna can, muna ta kai da kawo da baƙi, abin da ya shiga cikina wuni guda fura ce da ɗan ƙosai, sai shayi kofi bayan kofi. Mun dawo gari dare ya raba, barcin da na samu bai kai awa 4 ba. Ga ƙurar hunturu da muka sha a hanya, na tashi da mura, hanci a toshe.

Yadda na raba tsakanin abubuwan biyu shi ne ta kallon inda raunin ya bayyana. Taimakon kiriyatin ƙarami ne kuma wurinsa sananne ne: ɗagawa ɗaya ko biyu na ƙarshe, musamman a zagaye na biyu da na uku, lokacin da tsoka ke buƙatar ta farfaɗo da sauri tsakanin hutu. In da raguwarsa ce ke damuna, zagayen farko zai zo daidai, sai na ƙarshen ya ɗan gaza, kuma abin zai zo ne a hankali cikin makonni. Ba shi da hannu a yadda kilo 40 ya yi mini nauyi tun kafin in fara gumi. Rauni da ya kama komai lokaci ɗaya, daga ɗumama jiki har zuwa ƙarshe, kuma ya faɗo cikin dare guda, na rashin barci ne da yunwa da rashin lafiya.

Kilon da ya tafi ma haka ne. Tsoka da hanta suna ajiye sukari a matsayin gilaikojin, kuma kowane giram nasa yana riƙe da ruwa kusan giram 3. Wuni guda na tsayuwa da zirga-zirga babu abincin kirki yana cin wannan ajiyar, ruwanta ya bi ta. Ƙara da cikin da babu komai, da ruwan da ban sha ba a busasshiyar iskar nan da ba ta bari mutum ya ji ƙishirwa. Ruwan da kiriyatin ya jawo cikin tsoka yana fita ne tare da shi kiriyatin ɗin, wato shi ma sai a hankali. Ranar Alhamis yana nan, ba zai kwashe kayansa ranar Asabar ba.

Abin da zan yi: tuwo da miya mai nama yau da gobe, ruwa sosai, kwanciya da wuri. In lissafina daidai ne, ranar Litinin lambobin za su dawo alhali robar ba ta iso ba. In ba su dawo ba zan rubuta hakan a nan.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Kwana na 6 babu sha. Murar ta yi sauƙi, na yi barci dare biyu cikakku. Kilo 65: 8, 8, 7. Wannan ya fi na ranar 3 ga wata, lokacin da nake kan sha kullum. Sikeli 72 da ɗan ɗoriya.

Ƙanena ne ya ƙirga mini da bakinsa, ya kuma rubuta da hannunsa a littafin.

Talata, 11 ga Fabrairu

Robar ta iso da hantsi, ɗan kasuwan ya aiko yaro da ita a kabu-kabu, na ba shi dala 60 na hanya. Kiriyatin ne zalla, nau'in da ake kira monohaidiret, babu gauraye, hatimin bakinta bai tashi ba.

Mai gidan ƙarfe ya ba ni shawarar in rama abin da ya wuce, in haɗa cokali 6 in shanye yau, ko in yi mako guda ina shan giram 20. Na gode masa, na sha cokali ɗaya kamar kullum. Dalilina biyu ne. Tsoka tana da iyakar abin da take karɓa, kuma tawa ba ta yi nisa da iyakar ba, don haka abin da ya wuce gurbin da ya buɗe fitsari zai tafi da shi, kuɗina ke nan a makewayi. Na biyu, shan fiye da giram 10 a zama ɗaya yana jawo wa mutane da yawa murɗawar ciki da gudawa, kuma gudawar kwana ɗaya ta fi kwana 6 na rashin sha cutar da atisaye. Giram 5 kullum ya ninka abin da jiki ke zubarwa, rarar za ta cike ɗan giɓin cikin kamar mako guda ko biyu ba tare da na yi wani abu na daban ba.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Kilo 65: 9, 8, 7.

Wani yaro ɗan lise da ke zuwa gidan ƙarfen ya tare ni da tambaya mai kyau. Ya ce, "Malam, to in haka ne shan kullum ɗin na mene ne?" Amsar tana da ɓangarori, kuma ba na so a ɗauki abin da na rubuta a sama a kai shi inda bai kai ba.

Abin da ya sa kwana 6 bai taɓa ni ba shi ne na riga na yi wata guda ina sha, tsokar ta cika. Wanda ya fara yau, ya sha kwana 3, ya bari kwana 4, ya sake sha kwana 2, bai tara abin da zai riƙe ba tukuna. Shi ma ba asarar abin da ya sha ya yi ba, sai dai cikar da za ta zo a mako 4 za ta ja lokaci, wataƙila ma ba za ta kai ƙarshe ba in tsallaken ya fi shan yawa. A watan farko ne naci yake da muhimmanci.

In kuma tsallaken ya kai wata ɗaya zuwa mako 6, nan kam ajiyar ta koma inda take kafin a fara. Abin da mutum zai gani shi ne kilo ɗaya ko biyu na ruwa ya sauka, hannun riga ya ɗan saki, ɗagawa ɗaya ko biyu na ƙarshe su yi wuya. Amma naman tsokar da ya ginu yana nan. Kiriyatin ba shi ne tsokar ba. Ya ba ka damar ƙara ɗagawa, ƙarin ɗagawar tare da abinci da barci suka gina tsoka, kuma abin da ke riƙe ta shi ne ci gaba da ɗaga ƙarfen da cin abinci. Da yawa cikin masu cewa sun daina sha sun zube, in ka bincika za ka tarar lokaci ɗaya suka daina shan da zuwa atisayen, saboda tafiya ko jinya ko jarrabawa. Jikin kuma ba ya mance yadda ake haɗa nasa. Yana rage haɗawa lokacin da ake sha, ya koma yadda yake bayan an daina.

Akwai wani abu da ya shafe mu a nan. Kilo guda na ɗanyen naman sa yana da kiriyatin giram 4 zuwa 5 ne kawai, dafuwa kuma tana rage shi. Gero, wake, awara da shinkafa babu shi a cikinsu. Saurayin da abincinsa tuwo ne da fura da dambu, nama sai jefi-jefi, ajiyarsa ta asali takan yi ƙasa da ta mai cin nama kullum, don haka garin ya fi yi masa tasiri, kuma in ya daina na dogon lokaci zai fi lura da bambancin. Amma ko shi, saukar a makonni take zuwa.

Shi yaron na ce masa ya bar maganar roba tukuna, shekarunsa 16, kuɗin ya sayi ƙwai da madara da su ya fi masa. Na kuma gaya wa duk waɗanda ke wurin cewa mai ciwon ƙoda, ko mai hawan jini ko ciwon sukari da ake bibiyar ƙodarsa, kada ya fara sai ya ga likita. Wanda ke sha kuma in za a yi masa awon jini ya faɗa tun kafin a ɗiba, domin kiriyatinin ɗinsa na iya ɗan hawa saboda garin, kuma da wannan awon ne ake duba lafiyar ƙoda.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Kilo 65: 9, 9, 8. Nauyi 72 da rabi. Ban sha jiya ba, mun wuni a makaranta muna gyaran takardun jarrabawa har dare. Yau na sha cokali ɗaya.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Kilo 65: 10, 9, 8. Lokacin hawa ya yi, amma da faifan da muke da su, mafi ƙarancin ƙarin da ake iya yi kilo 5 ne, babu ƙanana. Na yi magana da wani mai walda ya yanko mini faifai biyu na kilo 1 da kwata kowanne, ya ce jaka 2 da rabi. Da su zan hau 67 da rabi maimakon in yi tsalle zuwa 70.

Abin da na kashe tun 6 ga Janairu: roba biyu jaka 23, kuɗin gidan ƙarfe na wata biyu jaka 6, sai faifan nan in sun fito. A giram 5, babbar robar tana cin dala 50 a rana. Daga yau zan sauka zuwa giram 3, tunda ajiyar ta cika kuma abin da ake buƙata don riƙe ta bai kai 5 ba ga mai nauyina. Hakan zai mayar da kuɗin dala 30 a rana. Cokalin robar na giram 5 ne, na kai garin farmasi an auna mini giram 3, na yi wa cokalin alama da wuƙa. Abin da ya rage a robar giram 240 ne, zai kai ni tsakiyar Mayu, kuma zan ba da saƙon wata tun saura rabin wata ta ƙare.

Azumi saura kwanaki kaɗan. Tunda abin tarawa ne a tsoka, sa'ar da aka sha ba ta da wani tasiri, don haka zan mayar da shi bayan buɗa baki, tare da abinci da ruwa mai yawa. Atisaye zai koma sau 2 a mako bayan asham, nauyin ƙarfen yana nan yadda yake amma zagaye 2 maimakon 3. Ina sa ran sikeli zai sauka a makon farko saboda ruwa da sauyin lokacin cin abinci, don haka zan riƙa hawa shi da dare kawai, a rana ɗaya ta mako. Goman ƙarshe ba zan je gidan ƙarfe ba, kuma duk daren da shan bai samu ba zan wuce shi in ci gaba washegari. Ƙanena ya ce zai fara tasa robar bayan Salla, giram 3 daga ranar farko.